Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗan takarar shugabancin ƙungiyar ɗalibai da ya yi alkawarin buɗe laburare dare da rana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗanmu, muna gaishe ka tare da 'yan kwamitin yaƙin neman zaɓenka, da fatan kuna lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Mu wasu iyayenku ne mazauna Zariya: tsofaffin ma'aikatan laburare, da masu aikin lantarki da suka san wayoyin irin waɗannan gine-gine. Muna magana ne a madadin ɗaliban da ba su da wurin karatu sai laburare, da kuma ƙananan ma'aikatan da nauyin alkawarinka zai sauka a kansu. Ba mu ambaci sunanka ko sunan makarantar ba, domin maganar ta shafi duk mai neman wannan kujera.

A jawabinka na daren gabatar da manufofi ka yi alkawari biyu: laburare zai zauna a buɗe awa 24, kuma za a samar da wurin karatu mai kyau. Ɗalibai sun yi tafi, kuma suna da dalili. Wanda yake kwana a ɗakin mutum shida ko takwas, ɗaya yana girki, ɗaya yana waya, ya san abin da rufe laburare ƙarfe takwas na dare yake jawo masa. Buƙatar gaskiya ce. Damuwarmu ita ce, yadda ka furta alkawarin ba zai cika ba, kuma idan bai cika ba hukumar makaranta za ta samu hujjar ture maganar gaba ɗaya na tsawon shekaru.

Abu na farko, makullin laburare ba ya hannun shugaban ƙungiyar ɗalibai. Shugaban laburare yana cikin manyan jami'an makaranta, kuma shi kansa ba ya sauya lokacin buɗewa da baki kawai. Sai maganar ta bi ta kwamitin laburare, sashen tsaro ya yarda ya ba da masu gadi, sashen ayyuka ya yarda da batun wuta da ruwa, ofishin kuɗi ya ce akwai abin biyan alawus. Takardarka kuma ba ta zuwa ko'ina sai ta biyo ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ba ka faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, sai ka ce "zan buɗe". Ɗalibin da ya ji haka zai zo ƙarfe goma na dare a makon farko na mulkinka, ya tarar da kwaɗo, ya huce haushinsa a kan dattijon da ke bakin ƙofa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba ka kuma faɗi wane laburare kake nufi ba. Babbar makaranta ba ta da guda ɗaya. Jami'ar Ahmadu Bello, alal misali, tana da na Kashim Ibrahim a Samaru, da na Kennedy a Kongo, da na likitanci, ban da na tsangayoyi. Kowanne da ma'aikatansa da masu amfani da shi.

Na biyu, lissafin mutane. Mako yana da awa 168, ma'aikaci kuma awa 40 yake yi a mako. Idan ka raba za ka ga kujerar aiki ɗaya da ba a barinta babu kowa tana cin mutum huɗu da ɗoriya, wato biyar ke nan idan an saka hutu da rashin lafiya. Mafi ƙarancin kujerun da ba a iya buɗe gini ba tare da su ba guda huɗu ne: mai duba kati da jaka a ƙofa, mai zagaya zauren karatu, mai gadi namiji, mai gadi mace. Mutum ashirin ke nan, kuma ba a taɓa kantar aron littafi ba tukuna, ba a yi maganar masu shara ba. Waɗannan ma'aikata suna da ƙungiyoyinsu, suna da ƙa'idar aikin dare da alawus ɗinsa. Yawancinsu ba a cikin makaranta suke kwana ba. Wani daga Tudun Wada yake zuwa, wani daga Sabon Gari, wani daga Wusasa ko cikin Birni, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci. Idan aka tashe shi ƙarfe sha biyu na dare, wa zai mayar da shi gida? Duk tsarin da bai amsa wannan tambayar ba yakan yi mako biyu ne ya mutu, domin ma'aikatan za su fara ba da uzuri ɗaya bayan ɗaya, kuma suna da gaskiya.

Akwai kuma aikin da ba a iya yi sai an rufe. Littattafan da aka bari a kan tebura ana tattara su a mayar da kowanne gurbinsa bisa lambarsa. Littafin da aka saka a kantar da ba tasa ba ya ɓata ke nan, ko da yana cikin ginin, don mai nema zai duba inda lambar ta ce ya ga babu. Ana share ƙasa, ana wanke bayi, ana fesa maganin sauro da na gara. Ginin da ba ya rufuwa ko na awa uku ba ya samun wannan, kuma cikin wata guda ɗaliban da suka yi maka tafi su ne za su fara ƙorafin wari da ɓatan littattafai.

Saboda haka shawararmu ita ce ka rage alkawarin zuwa abin da za a iya riƙe ka a kansa: zaure ɗaya a hawan ƙasa, mai ƙofar kansa ta waje, a buɗe daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu na dare, na tsawon mako huɗu, wato mako biyu kafin jarrabawa da mako biyu na cikinta. A kulle ƙofar da ta haɗa zauren da inda kantocin littattafai suke, kowa ya zo da abin karatunsa. Da zarar an raba zauren da kantoci, babban tsoron shugaban laburare, wato sata da yage shafi, ya kau. Lissafin ma'aikata kuma ya koma mutum huɗu, awa huɗu, dare 28, jimla awa 448. Wannan adadi ne da za a iya rubutawa a takarda a nemi kuɗinsa, kuma wasu daga cikin awannin ɗalibai amintattu za su iya ɗauka a ƙarƙashin ma'aikaci guda, a riƙa ba su ɗan abin kashewa.

Batun wuta shi ne inda muka fi so ka tsaya, domin a nan irin wannan shiri ya fi lalacewa. Mu ɗauki zaure mai kujera ɗari. Kowane mai karatu yana buƙatar kimanin murabba'in mita biyu da rabi idan an haɗa da hanyar wucewa, don haka zauren zai kai murabba'in mita 250. Don a karanta ƙananan rubutu ba tare da ido ya gaji ba, irin wannan fili yana son dogayen ƙwayaye masu wat 18 kusan guda sittin, wato wat 1,080. Fankar sama goma sha shida, kowace wat 75, sun ba da 1,200. A ce mutum talatin sun jona kwamfutar tafi-da-gidanka, kowace wat 60, an samu 1,800. Wayoyi hamsin a caji, 500. Fitilun waje goma masu wat 30, wasu 300. Jimla ta kusa wat 5,000. A awa huɗu yunit ashirin ke nan a kowane dare.

Idan wutar kamfani ce, abin bai kai yadda ake tsoro ba. Tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa masu layin rukunin A kuɗi, yunit ɗaya ya haura naira 200. Ko da a wannan farashin, dare ɗaya bai wuce naira dubu huɗu da 'yan kai ba, mako huɗu kuma bai kai dubu ɗari da ashirin ba. Matsalar tana zuwa ne idan an ɗauke wuta. Idan babban janareton da aka saya don ginin gaba ɗaya ne za a tayar saboda zaure guda, an yi asara biyu. Yana shan litocin dizal a kowace awa ko da nauyin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba, sannan injin dizal da ake yawan gudanarwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai. Za a ga baƙin mai yana ɗiga a bakin salansa, yana hayaƙi, kuma nan ba da jimawa ba sai gyara. Idan sashen ayyuka ya ƙi tayar maka da shi, wannan ne dalili, ba mugunta ba.

Abin da ya dace da wannan nauyi shi ne inbata da batura. Yunit ashirin, idan an ƙara abin da inbata ke ci da kanta, ya zama kusan 22. Batirin ruwa mai 12V 200Ah yana riƙe yunit 2.4, amma rabi kawai ake iya sha idan ana so ya daɗe. Don haka ana buƙatar guda ashirin, tunda huɗu-huɗu ake jera su a inbata mai 48V. Idan na litiyom ne mai yunit biyar-biyar, guda biyar sun isa. Inbatar kanta kada ta gaza 7.5kVA. Idan da sola za a cika su, farantai goma sha biyu masu wat 500 za su yi a ranar da rana ta fito sosai. Duk wanda ya kawo maka ƙiyasin batir takwas ya ce zai riƙe zauren har sha biyu, ka sani wajen ƙarfe goma inbata za ta fara kuka, kuma idan aka ci gaba da tatse baturan haka kowane dare, ba za su kai ƙarshen shekara ba.

Yanayin Zariya ma yana shiga lissafin. Idan jarrabawa ta faɗo cikin hunturu, ba a kunna fanka, nauyi ya ragu da wat 1,200, amma ƙura tana rufe farantan sola har cajin ya ragu, sai an sa wanda zai riƙa wanke su aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin su ɗauki zafi. A Maris da Afrilu kuwa, zauren da fankarsa ta tsaya ba ya zaunuwa ko da dare. A Agusta hadari yana iya kwana uku rana ba ta fito sosai ba, don haka dole inbata ta kasance tana caji da wutar kamfani ita ma.

Ga wani abu da ya kamata ka gani da idonka. Ka shiga kowane zauren karatu ka duba soket ɗin da ke kusa da ƙofa. Za ka ga fuskarsa ta yi baƙi, robar ta narke a gefe ɗaya, an cusa wayoyi biyu tsirara an danne su da tsinken ashana, daga nan kuma an ja wata doguwar waya mai baki shida, an sake jona wata a jikinta. Wannan alamar ƙarancin soket ce, kuma ta nan gobara take tashi. Maganinsa soket biyu a kowane tebur mai mutum huɗu, a kan layi na daban mai birekarsa, ta yadda idan wani ya jawo matsala layin soket ne zai faɗi, fitilu su zauna a kunne. Kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a jona butar lantarki ko hita. Buta ɗaya tana jan wat 1,500 zuwa 2,000, kusan abin da kwamfutoci talatin ɗin nan suke ja. Mutum biyu suka dafa shayi lokaci guda, nauyi ya fi ƙarfin inbata, zauren ya yi duhu.

Na uku, ɗalibai mata. Jawabinka bai ambace su ba ko sau ɗaya, alhali buɗe laburare da dare ba ya amfanar ɗalibar da ba za ta iya komawa ɗakinta lafiya ba. Ka bi hanyar da ƙafarka daga ƙofar laburare zuwa hostal ɗin mata bayan isha'i, ka ƙirga turakun fitilar da ba sa kamawa, ka lura da inda ciyawa ta rufe hanya. Ka binciki lokacin da ake rufe ƙofar hostal, domin idan ana rufewa kafin sha biyu to sai an daidaita lokutan biyu a rubuce, in ba haka ba yarinya za ta fito daga karatu ta tarar an rubuta sunanta cikin masu yawon dare. Masu zama a cikin gari kuwa, gaskiyar magana wannan tsari ba zai yi musu amfani sosai ba. Abin da ya fi musu shi ne a buɗe da wuri da safe, a kuma buɗe Asabar da Lahadi, kuma wannan ya fi sauƙin samu tunda aikin rana ne.

Ruwa da bayi ba su da daɗin faɗa a dandalin kamfe, amma su ne suke fara rufe zaure. Mutum ɗari, awa huɗu, ga alwala, ga buƙata. Idan famfon da ke tura ruwa tanki da wutar kamfani kawai yake aiki, a cika tankin tun da rana, a kuma tabbatar bayin mata yana cikin haske kuma ƙofarsa tana kulluwa. Haka ƙofar fita ta gaggawa. Al'ada ce a ɗaure ta da sarƙa don hana fitar da littafi. A zauren da babu kantoci babu dalilin haka, kuma ba ma goyon bayan a tara mutum ɗari da dare a ɗaki mai ƙofa ɗaya, da tagogi masu ƙarfe, da tukunyar kashe gobara da ba a san ranar da aka cika ta ba.

Sai alkawarinka na biyu, wurin karatu mai kyau. Ba ka ce mene ne ba. Idan sabon gini kake nufi, wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne, kuma wa'adinka bai wuce haka ba. Kuɗin gine-gine da kayan laburare a makarantun gwamnati yawanci daga asusun TETFund yake fitowa, hukumar makaranta ce ke nema, kuma ba a biyan alawus ɗin ma'aikata da shi. Abin da ke hannunka ya fi wannan kusa. Akwai kujerun da suke nan amma ba sa aiki. Wasu sun karye an jingine su a lungu, abin da suke buƙata kafinta ne da walda na kwana biyu. Wasu suna ƙarƙashin ƙwan da ya mutu ko fankar da ta tsaya, ba mai son zama a kansu. Mafi yawa kuma an kama su ne. Ka shiga ƙarfe sha ɗaya na safe a makon jarrabawa, za ka ga tebur babu kowa, amma kowane gurbi da tsohon littafin rubutu a buɗe da biro a tsakiya, mai shi yana lacca tun ƙarfe tara, wasu kuma suna tsaye a baranda da littafi a hannu. Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Mai fita ya karɓi ɗan kati a ƙofa a rubuta lokacin da ya fita, ya ajiye a gurbinsa. Minti talatin sun isa salla ko bayi. Idan suka wuce, mai zagaye ya kwashe kayan ya kai teburin ƙofa. Ma'aikata sun daɗe suna son irin wannan doka, abin da ke hana su shi ne rigimar da ke biyo baya. Idan ƙungiyar ɗalibai ce ta sanar da ita da bakinta, rigimar ta ragu. A nan kana da ikon da shugaban laburare ba shi da shi.

Kujera ɗari ba za ta ishi makaranta ba, mun sani. Shi ya sa muke ganin ka haɗa da neman a ware azuzuwa biyu ko uku kusa da juna a bar fitilunsu da dare, ɗaya daga ciki na masu bitar rukuni da muhawara. Masu tattauna tambayoyin jarrabawar baya ba laifi suke yi ba, amma idan babu inda za su je, cikin zauren shiru za su yi ta.

Ga abin da muke roƙonka da shi. Kafin ranar zaɓe, ka fito ka gyara maganar a gaban ɗaliban da suka ji ta: ka ce za ka nema, ka faɗi wurin wa, da zauren da kake nufi, da awannin, da makonnin. Ka nemi zama da shugaban laburare tun yanzu, ka tambaye shi ko an taɓa gwada ƙarin lokaci a baya da abin da ya tsayar da shi, ka kuma saurari masu tsaron ƙofa da masu shara, don su ne suka san wane bayi ne ba ya samun ruwa.

Idan Allah ya ba ka nasara, ka sa a yi ƙidaya ta mako biyu kafin ka rubuta kowace takarda. A kowace awa mutum ɗaya ya zagaya ya rubuta abu uku: kujerun da ake zaune a kai, waɗanda aka kama babu kowa, da waɗanda suka lalace. A kuma rubuta yawan waɗanda aka tasa lokacin rufewa, domin wannan adadin shi ne hujjarka. Idan mutum tamanin ake tasa kowane dare, babu kwamitin da zai ce babu buƙata. Idan goma sha biyu ne, to ka karkata ƙarfinka ga ƙarshen mako da gyaran kujeru.

Takardar da za ka kai ta ƙunshi ƙidayar, da lissafin wutar da injiniyan sashen ayyuka ya duba ya sa hannu, da awannin ma'aikata da yadda za su koma gida, da kason da ƙungiya za ta ɗauka daga kuɗin da ɗalibai suke biya mata. Ka miƙa ta aƙalla mako takwas kafin jarrabawa, don kwamitoci ba kullum suke zama ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi amincewar a rubuce a matsayin gwaji na zango ɗaya, da sharaɗin za a ci gaba da ƙidaya a dararen gwajin a liƙa sakamakon a allon sanarwa tare da abin da aka kashe. Kada kayan da za a saya, inbata ko batir ko kujera, su zauna da sunan ƙungiya. A shigar da su rajistar kayan makaranta a damƙa wa sashen ayyuka, domin a san wanda zai zuba wa batir ruwa ya wanke faranti bayan kai da majalisarka kun sauka.

Muna roƙon sauran 'yan takara su ma su faɗi matsayinsu a kan wannan tsari kafin a kaɗa ƙuri'a, ta yadda duk wanda ya ci zai tarar da shi a kan teburinsa.

Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya sa a yi zaɓe lafiya.

Wassalam,
Iyayenku, tsofaffin ma'aikatan laburare da masu aikin lantarki, Zariya.